Saƙon Neman Kuɗi Daga Ƙasar Waje: Matsayin Doka da Gajeriyar Amsar Da Ta Wadatar

A ƙaddara wata malamar makaranta a Kano ta wayi gari da saƙon WhatsApp daga lambar da ta fara da +44, wato lambar Birtaniya. Mai saƙon ya rubuta da Turanci cewa wata ƙungiyar agaji ta aiko mata da kaya, amma an riƙe su a filin jirgin sama, kuma ba za a sake su ba sai ta biya naira dubu arba'in kuɗin fito, ta kuma turo lambar BVN da hoton katin shaidarta na ɗan ƙasa. Ba ta san shi ba, ba ta kuma nemi komai daga kowa ba.

Babu wata doka a Najeriya da ta wajabta mata amsa wa wannan mutum, balle ta ba shi abin da ya nema. Dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta ce amincewar mutum da a yi amfani da bayanansa sai ta zama da son ransa, kuma shirun da ya yi ba ya zama amincewa. Saboda haka idan malamar ta ƙi cewa uffan, ta toshe lambar, ba ta rasa wani haƙƙi ba.

Nauyin dokar yana kan mai saƙon. Dokar 2006 kan damfarar da jama'a suka fi sani da 419 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba tare da zaɓin tara ba ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar yaudara. Sashe na 5 na dokar ya fi shafar malamar, domin ya ce idan yaudarar tana cikin rubutu, tabbatar da cewa rubutun ya isa hannun wanda aka nufa ya wadatar a tuhumar yunƙurin damfara. Ma'ana, saƙon da ke cikin wayarta hujja ce ko da ba ta tura ko sisi ba, don haka ya kamata ta ɗauki hotonsa tare da lambar kafin ta goge komai. Neman BVN ta hanyar sojan gona kuwa laifi ne na daban a dokar laifukan intanet ta 2015, mai hukuncin ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan ɗaya, ko duka biyun.

Wasu ba sa jin daɗin yin shiru, musamman 'yan kasuwa da ke hulɗa da baƙi, waɗanda suke tsoron kada su kori mai saye na gaskiya. Ga irin waɗannan, amsa ɗaya ta isa:

```
No. I do not send money or personal details.
Do not contact me again.
```

Layin farko yana cewa a'a, ba na tura kuɗi ko bayanan kaina. Na biyu kuma yana cewa kada ka sake tuntuɓa ta. Amfanin wannan lafazi shi ne bai ba da dalili ba, kuma a nan ne mutanenmu suka fi kuskure saboda kara da kunya. Wanda ya rubuta `I have no money now`, wato ba ni da kuɗi yanzu, ya sanar da ɗan damfara cewa matsalar ta lokaci ce, sai ya rage kuɗin zuwa dubu goma ko ya ce zai jira ƙarshen wata. Wanda ya tambaya `Who are you?`, wato wane ne kai, ya buɗe ƙofar hira, kuma za a turo masa takardun jabu masu tambari. Zagi ma ba ya ƙara komai sai tabbatar da cewa akwai mutum mai karantawa a bayan lambar. A ganina, idan saƙon na imel ne ko mai ɗauke da adireshin da ake so a latsa, shiru ya fi ko da wannan gajeriyar amsar.

Akwai nau'in da ya fi haɗari ga mai karɓar saƙon, inda ba a neman kuɗinsa, sai dai a roƙe shi ya ba da lambar asusunsa a zuba kuɗi, ya cire kasonsa ya tura sauran gaba. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta kama wanda ya sani, da ma wanda ya kamata a ce ya sani, cewa kuɗin na haram ne, kuma ɗaurin da ta tanada shekara 4 ne zuwa 14. Amsar nan ita ce `I do not receive money for other people.` Wato ba na karɓar kuɗi a madadin wasu.

Idan malamar ta riga ta tura kuɗi ko lambar sirrin da banki ya aiko mata, bankinta za ta fara kira nan take a rufe katin da asusun, sannan ta kai hotunan saƙon da shaidar biyan ga hukumar EFCC ko 'yan sanda. Lambar +44 ba ta tabbatar da cewa mai saƙon yana Birtaniya, domin ana iya mallakar irin wannan lamba daga ko'ina, shi ya sa lambar asusun da aka ce ta tura kuɗin ta fi amfani ga masu bincike.