Shifta: yadda kunne ke koyon kama ƙananan kalmomi

Malam, ina gane maganar Turanci, amma da na zo rubutawa sai ƙananan kalmomi da ƙarshen kalma su sulale mini. Kunnena ne?

Kunnenka lafiya lau, sabo ne kawai. A Hausa yawancin kalmomi da wasali suke ƙarewa, kuma kowace gaɓa tana fita da wasalinta a sarari. Turanci kuwa yakan ƙarfafa gaɓa ɗaya ya danne na kusa da ita, har wasalinsu ya koma ɗan gajeren sauti maras kama. Ga kuma baƙaƙe biyu ko uku da ke cunkushewa a ƙarshen kalma. Sai ƙwaƙwalwa ta ɗauki manyan kalmomi ta haɗa ma'ana, ta watsar da saura. Shifta tana tona wannan, domin a takarda giɓi ba ya ɓuya.

To yaya zan yi ta ni kaɗai?

Nemi murya ta daƙiƙa 30 wadda ke da rubutaccen matani, kuma ka san kusan duk kalmominta. Wannan sharaɗin ina dagewa a kansa, don idan kalmomin baƙi ne, ƙamus kake bukata tukuna. Saurari duka sau ɗaya ba alƙalami. Sannan ka bi jimla jimla, kana tsayawa kana rubutawa, kada ka wuce sau 3 a kowace. Inda ka ji motsin sauti ba ka gane shi ba, ja layi ka bar gurbinsa.

Gyaran shi ne ainihin aikin. A ce ka sami kurakurai 9: biyu na rubutu ne, ɗaya kalmar da ba ka sani ba, shida kuma kalmomi ne da ka sani sarai amma ba ka ji su ba, huɗu daga ciki harafin "s" na jam'i. Waɗannan shidan su ne darasinka. Koma kan kowanne, idonka a kan matanin, ka saurara har sautin ya fito maka, ka maimaita da bakinka da saurin mai maganar. Bayan kwana 2 sake yin shiftar nan ba tare da duba ta farko ba.

Akwai wurin da na maimaita sau goma ban ji komai ba.

Mai yiwuwa babu abin ji. Idan aikatau ya ƙare da "ed" mai nuna abin da ya wuce, kalmar gaba kuma ta fara da "t" ko "d", sautukan biyu sukan narke su zama ɗaya. Nan nahawu ne zai cece ka: in an ambaci jiya a jimlar, ka san ƙarshen yana nan. Kada kuma ka saba da rage saurin murya, domin a magana ta gaske ba wanda zai rage maka.