"Kwano biyu, maɗauri a ɗaure": abin da doka ke nema ga ɗan acaɓa

Ana yawan ganin allon gargaɗi a bakin titi an rubuta "Sa hular kwano, ka tsira da ranka". Maganar gaskiya ce, sai dai ta bar muhimman abubuwa biyu. Da ni aka ba aikin zaɓo taken da za a manna a tashar 'yan acaɓa, cewa zan yi a rubuta: "Kwano biyu, maɗauri a ɗaure."

Ƙa'idojin zirga-zirgar ababen hawa na ƙasa na shekarar 2012, waɗanda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke aiki da su, sun wajabta hular kwano a kan mai tuƙa babur da kuma wanda ya goyo. Fasinja ɗaya aka yarda a ɗauka, don haka lissafin ba shi da wuya: mutum biyu, hula biyu. A aikace nauyin yana faɗa wa mai tuƙa babur ne. Ɗauki misalin ɗan acaɓan da ya ɗauko wata baiwar Allah daga kasuwa, tasa hular tana kansa, ita kuwa lulluɓi ne kawai a kanta. Idan jami'an hukumar suka tsayar da su, shi za a rubuta wa takardar laifi. Tarar da aka daɗe da sani a jadawalin laifuka ita ce naira 2,000, ana biya ta banki, ba a hannun jami'i ba, kuma ana iya riƙe babur har sai an kawo shaidar biya. Ga mai haya, asarar yinin ta fi tarar ciwo, domin mai babur yana jiran balas ɗinsa da yamma.

Da aka fara matsa wa mutane kan wannan doka ranar 1 ga Janairun 2009, an ga masu kifa ƙwarya da robar fenti da hular leburorin gini, don dai a wuce shingen jami'ai. Har yanzu hular gini ce ke ruɗar mutane, saboda ita ma tana da tauri. An yi ta ne don tare abin da zai faɗo daga sama, ba don kan da zai daki kwalta ba. Hular kwano ta gaskiya tana da ɓawo mai tauri a waje, a cikinsa kuma akwai farin soso mai kauri wanda ke lotsewa ya shanye ƙarfin bugu kafin ya kai ga ƙwaƙwalwa. Ɗaga ƙyallen ciki ka taɓa. In babu wannan soson, ajiye ta. Wadda ta taɓa shan mummunan bugu ma ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga ba, don soson da ya lotse ba ya komawa.

Sai batun maɗauri, wanda a nan ne aka fi sakaci. Mutum zai ɗora hula a ka, igiyar tana reto a gefen kunne, yana ganin ya cika doka. Da zarar babur ya yi karo, hular ce ke fara tashi, kai ya isa ƙasa ba komai. Wanda ke gudun kilomita 40 a awa, in kansa ya bugi gefen kwalbati kai tsaye, tamkar ya faɗo ne daga tsayin mita 6. Gwajin mai sauƙi ne: ɗaure igiyar a ƙarƙashin haɓa yadda yatsu biyu kaɗai za su shiga, sannan ka kama hular daga ƙeya ka tura ta gaba. Idan ta zame ta rufe maka ido ko ta cire, ta yi maka yawa. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da su sun nuna hula na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, da na raunin kai da kusan kashi 70, amma wadda aka sa daidai ake nufi.

'Yan acaɓa suna da hujjarsu, kuma bai kamata a raina ta ba. Za su ce maka fasinja ne ke ƙi, wani don tsoron makero da ƙwarƙwata, wata don ɗaurin ɗankwalinta, wani ma don jita-jitar asiri. Ga zafin Afrilu. Dokar dai ba ta ɗauke wa kowa ba saboda waɗannan. Abin da ke taimakawa shi ne a zaɓi hula mai kafofin iska mai launin haske, a riƙa wanke ƙyallen cikinta ana shanyawa a rana, fasinja kuma ya shimfiɗa hankici ko siririyar hula a ƙasa. Hijabi yana shiga cikin kwano ba tare da matsala ba. Ƙungiyoyin 'yan acaɓa za su iya mai da shi sharaɗin layi a kowace tasha, ta yadda fasinjan da ya ƙi hular wannan ba zai samu na gaba ya ɗauke shi haka ba.