Dokar "ba a goge layi": me take cewa idan kwastoma ya dawo da wani ɓangare na kaya?

Kwanan nan na sha jin masu riƙe littafin oda suna ƙorafi a kan ƙa'idar da ta hana taɓa takardar ciniki bayan an rufe ta. Wasu sun ɗauka an hana mayar da kuɗi ke nan gaba ɗaya. Wasu kuma suna raɗe-raɗin cewa duk kashiyan da balas ɗinsa ya nuna ƙasa da sifili, a albashinsa za a cire. Duk ba haka ba ne. Abin da ƙa'idar ta ce shi ne, layin da aka rubuta ya zauna yadda yake, gyara kuwa sabon layi ake ƙarawa a ƙasa, mai nuni ga lambar odar asali. Ta shafi kashiya da akanta da mai rubuta manhajar shago, kowa da kowa.

Inda ake ruɗewa shi ne takardar rage bashi, wato layin farko da ake ƙarawa idan an dawo da kaya. Mutane suna ganin da an fitar da ita an biya kwastoma. Alhali ita shaida ce kawai cewa abin da ake bin sa ya ragu, ko sisi bai motsa ba tukuna.

Ga misali. Oda ce mai kaya uku, na 6,000 da na 3,000 da na 1,000, jimla 10,000. Aka yi rangwamen kashi 10 cikin 100 a kan duka, ya zama 9,000. Mai saye ya biya 7,000 da kati, ya cika 2,000 daga kuɗinsa na ajiya a shagon. Bayan kwana biyu sai ya dawo da na 3,000 ɗin.

Nawa za a rubuta a takardar rage bashi? 2,700 ne, domin rangwamen ya ci 300 daga wannan kayan tun ranar ciniki. Wanda ya rubuta 3,000, in aka dawo da sauran kayan ɗaya bayan ɗaya, zai wayi gari ya mayar da 10,000 a kan odar da ya karɓi 9,000. Da shigar takardar, balas ɗin odar zai koma 2,700 ƙasa da sifili. Wannan ba gibin kashiya ba ne, littafi ne yake faɗa maka cewa yanzu kwastoma ke bin shago.

Sai layi na biyu, na biyan wannan bashi. A nan ne ake yin ɓarnar da ta fi yawa: a rage ciniki da takardar, sannan a sake rage shi lokacin tura kuɗin, cinikin ya faɗi da 5,400 a kan kayan 2,700. Tura kuɗi asusun kati yake ragewa, ba ya sake taɓa ciniki. Ka ɗauki 9,000 na ciniki, ka cire 2,700 na takarda, ka cire 9,000 da aka biya, ka ƙara abin da aka mayar. In bai ba ka sifili ba, akwai layin da ya ɓace ko ya shiga sau biyu.

Ta wace hanya kuɗin zai koma? In tsarin shagon rabawa ne gwargwadon yadda aka biya, 2,100 su koma kati, 600 su koma ajiya. Wani shagon kuma, ajiya yake fara cikewa. Kowanne aka zaɓa, kada abin da ya koma kati a rayuwar odar ya haura 7,000, in ba haka ba ajiya ta zama hanyar fitar da tsabar kuɗi ta bayan gida.

Wata jita-jitar kuma ita ce kuɗin ajiya riba ce da shago ya haɗiye. A littafi dai bashi ne a wuyan shago har ranar da mai shi ya kashe su, kuma ranar ma hanyar biya ce kamar kati, ba rangwame ba. Ƙa'idar lissafi ta IFRS 15, wadda ta fara aiki a 2018, haka take kallon kuɗin da aka karɓa ba a ba da kaya ba. Gaskiya ni dai ban ga adalci ba a tilasta wa wanda aka sayar wa lalataccen kaya karɓar ajiya maimakon kuɗinsa, amma wannan zaɓin mai shago ne da dokar ƙasarsa, littafi bai ce a yi ba.

Hukuncin wanda ya goge fa? Ya danganta da wurin aiki, sai dai tun kafin a kira shi ofis ya riga ya cuci kansa. Da ya mayar da 9,000 ta koma 6,300 a takardar asali, rasit ɗin hannun kwastoma da rahoton banki suna nan suna cewa 9,000 da 7,000, harajin da aka riga aka kai a kan cinikin ma bai canza ba. Ranar da mai binciken kuɗi ya tambayi inda 2,700 suka shiga, babu layi ɗaya mai kwanan wata da sa hannu da zai ɗora wa yatsa.