Afirka ba ta dab da rabewa biyu: fashin baƙi kan ƙa'idar motsin faranten ƙasa

Duk 'yan watanni sai hoton nan ya sake zagayowa: wani wawakeken rami ya tsaga hanyar mota a Mai Mahiu ta ƙasar Kenya, an rubuta a ƙasansa cewa Afirka ta fara rabewa biyu, teku na nan tafe. Hoton na gaske ne, a watan Maris na 2018 aka ɗauke shi. Abin da aka jingina masa ne ke da gyara. Kuma abin takaici, har a takardun ɗaliban labarin ƙasa ina cin karo da wannan magana, an rubuta ta a matsayin hujja. Shi ya sa na ga ya dace a warware ainihin abin da ƙa'idar ta ce.

A taƙaice, fatar duniya ta waje, mai kaurin kilomita 100 ko kusa da haka, ba dunƙulalliya ba ce. A farfashe take, manyan faranti bakwai da ƙanana da dama, kowanne yana tafiyarsa. Inda biyu suka yi iyaka, ko dai su ja da baya su bar juna, ko su yi karo, ko su gogi juna gefe da gefe. Mafi yawan girgizar ƙasa da aman duwatsu a waɗannan iyakoki suke faruwa. Ba wanda ƙa'idar ta ware: tudu da ƙasan teku duk a kan faranti suke.

Kuskure na farko shi ne ɗaukar faranti a matsayin nahiya. Farantin Afirka bai tsaya a gaɓar teku ba, ya miƙe har tsakiyar Tekun Atilantika, inda ya yi iyaka da na Kudancin Amurka. Farantin Fasifik kuwa kusan dukkansa ƙasan teku ne. Ɗalibin da ya zana iyakar faranti a bakin gaɓa ya riga ya zubar da makinsa.

Kuskure na biyu ya fi zurfi, kuma a nan nake son mu daɗe. Ana yawan cewa faranten suna iyo ne a kan narkakken dutse, kamar kwale-kwale a kan ruwa. Ba haka ba ne. Abin da ke ƙarƙashinsu dutse ne daskararre. Ta yaya aka sani, alhali ba wanda ya taɓa haƙawa ya kai can? Girgizar ƙasa ce ta tona asirin. Tana aika igiyoyi iri biyu cikin duniya, waɗanda na'urori ke nunawa da P da S. Igiyar S ba ta iya ratsa abu mai ruwa-ruwa. To, ga shi tana ratsa wannan yanki salin alin har zurfin kilomita 2,900, sai can ta tsaya cik, inda narkakken ƙarfen cibiyar duniya ya fara. Ke nan abin da ke sama da nan daskararre ne, sai 'yan wuraren da wani kaso kaɗan ya narke.

To daskararren abu ya yake motsi? Ku tuna kwalta. In ka buge ta da guduma sai ta fashe, in ka ajiye ta ka ba ta lokaci sai ka tarar ta malale. Dutse mai tsananin zafi haka yake, sai dai nasa lokacin miliyoyin shekaru ne. Babban abin da ke jan faranti kuma nauyinsa ne da kansa. Ƙasan teku idan ta tsufa takan huce ta yi nauyi, bakinta ya nutse ƙarƙashin maƙwabcinta, ya riƙa janyo sauran jikin a baya. Ni dai a ganina ba a yi wa ɗalibai adalci ba. Littattafai da yawa suna shafa wa yankin da ke ƙarƙashin faranti jan launi kamar garwashi, malami ya ce “suna iyo”, sannan a zo jarrabawa a hukunta yaron da ya rubuta abin da idonsa ya gani.

Da yake tambayoyin kan zo da kalmomin Turanci, ga waɗanda suka fi rikita mutane, na rubuta su yadda ake furta su. Ɓawon duniya shi ne “kurost”, siriri ne a teku, kilomita 5 zuwa 10, ya fi kauri a tudu. Bargon da ke ƙarƙashinsa shi ne “mantil”. Faranti kansa, wato ɓawon haɗe da saman bargon mai tauri, shi ne “litosfiya”, mai laushin da yake zamewa a kai kuma “astenosfiya”. Nutsewar faranti ƙarƙashin wani “sabdakshin” ce, tsagar da ƙasa ke gocewa a kanta “folt”, kwarin da ke buɗewa idan tudu ya fara rabewa “rift”. Narkakken dutse yana ciki “magma” ne, in ya fito “laba”. A kula, kurost da litosfiya ba abu ɗaya ba ne, nan ne ake yawan tuntuɓe.

Mu koma Kenya. Gaskiya ne Gabashin Afirka na buɗewa, farantin Somaliya na janyewa daga na Nubiya, wato ɓangarori biyu na farantin Afirka. Amma da wane sauri? A arewacin kwarin, inda ya fi gudu, kimanin milimita 6 zuwa 7 ne a shekara. Farcenka ma ya fi shi saurin girma. Mu ɗauki 7 ɗin mu yi lissafi. Kilomita ɗaya milimita miliyan ɗaya ce. A raba da 7, an samu shekara 143,000 kafin a buɗe kilomita ɗaya tak. Kilomita 100 kuwa sai an haura shekara miliyan 14. Ramin Mai Mahiu ya bayyana ne bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, kuma masana da yawa sun danganta shi da zaizayar da ta kwashe sakwarkwar tokar aman dutse daga ƙarƙashi. Wanda ke neman shaidar rabewa ta haƙiƙa ya dubi yankin Afar na Habasha. A watan Satumba na 2005, magma ta kutsa wata tsaga mai tsawon kusan kilomita 60, ta buɗe ta har mita 8 a wasu wurare cikin makonni, tare da girgiza iri-iri da aman dutse. Bambancin ke nan: motsin faranti yana zuwa da girgizar da na'urori ke kamawa, zaizaya kuwa ruwan sama take bi.

Har Alfred Wegener, wanda ya gabatar da batun tafiyar nahiyoyi a 1912, saurin ne ya ba shi ruwa. Ya ƙiyasta tsibirin Girinlan na tafiyar mitoci a shekara, ya kuma kasa kawo gamsasshen bayani kan abin da ke tura nahiyoyi. Ya rasu a 1930 ana yi masa kallon mai tatsuniya, sai a shekarun 1960 binciken ƙasan teku ya wanke shi a kan asalin maganar.

Kuma ba kowane kwari ne ke ƙarewa da zama teku ba. Bahar Maliya ta yi nasara, ta raba yankin Larabawa da Afirka. Amma a Arewacin Amurka akwai wani tsohon kwari a yankin Tafkin Superior da ya fara buɗewa shekara biliyan 1.1 da suka wuce, ya tsaya a hanya, nahiyar na nan a haɗe har yau. Don haka idan aka tambaye ka makomar Gabashin Afirka a jarrabawa, rubuta cewa yana iya zama teku nan da miliyoyin shekaru idan buɗewar ta ɗore, ka kuma kawo adadin milimitocin.