Suwic na tushe a tsarin STP da yadda ake zaɓensa

STP, wato Spanning Tree Protocol, tsari ne da suwic-suwic, wato na'urorin da ke haɗa kwamfutoci ta kebul, suke bi don hana saƙo yin ɗawafi a cikin netwok. Radia Perlman ce ta ƙirƙiro shi a 1985, kuma IEEE ta mayar da shi ƙa'ida mai lamba 802.1D a 1990. Idan aka haɗa suwic uku a zobe, saƙon shela da ya shiga ba ya da wa'adin mutuwa, sai ya yi ta zagayawa yana ninkuwa har netwok ya tsaya cak. Maganin da STP ke yi shi ne ya zaɓi suwic ɗaya a matsayin tushe, kowane suwic ya riƙe hanyarsa mafi arha zuwa can, a toshe kafar da za ta rufe zoben, a ajiye ta don ranar da wata hanya ta yanke.

Yadda zaɓen ke gudana

Kowane suwic yana da shaidar da ke fitowa a allo da sunan `Bridge ID`. Kashi biyu ce: lambar fifiko, sai adireshin MAC na suwic ɗin, wato lambar da masana'anta ta ba shi. Da zarar an kunna suwic, yana ɗaukar kansa tushe, yana shelanta haka duk daƙiƙa 2 cikin BPDU, wato saƙonnin da suwic-suwic ke aika wa juna a tsarin STP. Idan ya ji wanda shaidarsa ta fi tasa ƙanƙanta, sai ya janye ya bi shi. Lambar fifiko ake fara dubawa, sai an yi kunnen doki ake komawa ga MAC.

A nan matsalar take. Yawancin suwic daga masana'anta suke zuwa da fifiko iri ɗaya, 32768, don haka MAC ne ke yanke hukunci, kuma sau da yawa tsohuwar na'ura ce ke da ƙaramin MAC. Zaɓen kuma ba ya rufewa: duk ranar da aka jona suwic mai ƙaramar shaida, nan take ya karɓe tushe.

Misali

A ɗauki wata makaranta a Sakkwato mai suwic uku: A, B da C. A yana ɗakin saba, B yana ɗakin karatu, C kuwa tsoho ne a ofishin jarrabawa. Tsakanin A da B akwai layin gigabit 1, wanda farashinsa 4 ne a tsohon ma'aunin STP, inda layi mafi sauri ya fi arha. Layukan da suka haɗa C da sauran biyun na megabit 100 ne, farashin kowanne 19.

Ba wanda ya taɓa fifiko, sai C ya ci zaɓe. A yana isa C kai tsaye a kan 19, ta wajen B kuwa 23, don haka ya ɗauki hanyar kai tsaye. Haka ma B. Kafar da aka toshe ke nan tana kan layin gigabit, layi mafi kyau a makarantar. Duk abin da ɗalibi ya nema daga saba sai ya ratsa ta C. Ba abin da ya lalace, fitilu suna ci, netwok ne kawai yake jan ƙafa. Ga kuma ɗaukewar wuta: idan C ba ya kan batir, duk lokacin da ya mutu ko ya dawo sai an sake lissafi. A asalin STP wannan yana iya cin daƙiƙa 30 zuwa 50. RSTP, sigar STP mai sauri ta 2001, ya rage jiran sosai, amma bai canza dokar zaɓe ba.

Ana gane halin da ake ciki da `show spanning-tree` a suwic na Cisco. Wanda ya nuna `This bridge is the root` shi ne tushe.

Naɗa tushe da gangan

Wanda ya cancanta shi ne suwic na tsakiya, kusa da saba da ƙofar intanet, mai layuka masu sauri da wutar da ba ta yankewa. Fifiko yana tafiya ne da tazarar 4096, daga 0 zuwa 61440. A kan A, a ce makarantar tana amfani da VLAN 10, wato rukunin netwok mai lamba 10:

```
spanning-tree vlan 10 priority 4096
```

A kan B kuma a sa 8192, ya zama mai jiran gado. Allo zai nuna 4106 a kan A, domin ana ƙara lambar VLAN a kai, ba kuskure ba ne. Yanzu B yana isa tushe a kan 4, C a kan 19, kafar C da ke fuskantar B ita ke toshewa, layin gigabit ya koma aiki.

Akwai gajeriyar hanya, `spanning-tree vlan 10 root primary`, wadda yawanci take sa 24576. Sai dai lissafin sau ɗaya take yi, lokacin da aka rubuta ta, don haka rubuta lambar da hannu ya fi kwanciyar hankali. Ko fifikon 0 ma ba ya hana ƙwace, tunda wani mai 0 da ƙaramin MAC zai yi nasara. Shi ya sa ake ƙara `spanning-tree guard root` a kafofin da bai kamata tushe ya ɓullo ta cikinsu ba. Idan BPDU mai ƙaramar shaida ya shigo, kafar tana komawa `root-inconsistent`, ta daina wuce da saƙo har sai ya daina zuwa.