Wasiƙar Mai Duba Kundi ga Ɗalibin da Aikinsa Ya Tsaru Amma Bai Yi Sharhi Ba

Wannan wasiƙa ce da malamin da ke duba kundin digiri yake rubuta wa ɗalibi idan daftarin ya cika sharuɗɗan tsari amma nazari bai shiga cikinsa ba. A jami'o'in Nijeriya, har da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da aka kafa a Sakkwato a 1975, an fi tsara kundi a babi biyar: gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, hanyoyin bincike, ƙalailaice bayanai da kammalawa. Ɗalibi na iya kawo babukan nan cif, manazarta a jere, alhali bai auna maganar kowa ba, tasa ma bai gwada ta ba.

An fi gane matsalar a babi na biyu, inda kowane sakin layi yake farawa da sunan wani masani da shekara, ya taƙaita abin da ya ce, a wuce ga na gaba, ba tare da an nuna inda suka saɓa ko giɓin da suka bari ba. A babi na huɗu kuwa, sai a tarar an maimaita da kalmomi abin da jadawali ya riga ya nuna.

Wasiƙar takan fara da ambaton abin da ya yi daidai, a taƙaice, domin kada ɗalibi ya rushe tsarin da ba shi da laifi. Daga nan sai ta kama shafi ɗaya ta tsaya a kansa, domin rubuta "a zurfafa nazari" a gefen takarda ba ya koya wa kowa komai, kuma abin takaici shi ne ɗalibai da yawa iyakar abin da suke samu ke nan. A ɗauki ɗalibar da ke nazarin Sakkwatanci, wadda ta rubuta cewa karin yana mayar da "f" ta zama "hw", ta kawo hwari da hwaɗi. Malamin zai iya rubuta mata: "Malama, a jadawalinki akwai hita da hili, waɗanda ba su bi wannan doka ba. Ki duba wasalin da ke bin baƙin a kowace kalma, ki gaya mini ko 'hw' na zuwa gaban kowane wasali ko gaban 'a' kawai, sannan ki sake rubuta dokar." Bai ba ta amsa ba, ya dai nuna mata cewa bayananta sun ƙaryata da'awarta, wanda shi ne ainihin abin da mai jarrabawa na waje zai tambaye ta ranar kare kundi.

Iyakar wasiƙar ita ce malami ba ya rubuta wa ɗalibi sharhin, domin kundin na ɗalibin ne. Yakan nemi a gyara sashe ɗaya a kawo masa a ranar da ya sa, kuma sai ya gamsu da shi kafin a taɓa sauran babukan.