Waiwaye: Me ke salwanta a hanya idan ƙagaggen labari ya ƙetara wani harshe?

Duk wanda ya karanta ƙagaggen labari a fassara, hannu biyu ne suka rubuta masa abin da ke gabansa, ko da yake sunan mutum guda ne ke fitowa ɓaro-ɓaro a bango. Tambayar da ta daɗe tana damun masu karatu ita ce iyakar abin da hannu na biyun yake da damar taɓawa. Amsar ta sha canzawa daga zamani zuwa zamani, shi ya sa shekarar da aka yi fassara kan faɗa wa mutum abu da yawa tun bai buɗe shafin farko ba.

A Faransa ta ƙarni na 17, gwanin mai fassara shi ne wanda zai ɗauko littafin Girkawa ko Romawa ya gyara shi har ya dace da kunnen mutanen fada. Yakan zubar da abin da ya ga bai kyautu ba, ya yi wa sauran kwalliya. Ayyukan Nicolas Perrot d'Ablancourt ne suka jawo laƙabin nan da ya bi irin wannan fassara, wato kyawawa marasa amana. Wannan ɗabi'a ta daɗe ba ta mutu ba, kuma ƙagaggun labarai sun fi shan wahalarta, domin an ɗauke su kayan hira, ba a ganin laifin datse su.

Abin da ya sami Jules Verne ya isa misali. Labarinsa na jirgin ƙarƙashin teku da Kyaftin Nemo ya fito da Faransanci a 1869 zuwa 1870. Fassarar Ingilishi ta Lewis Mercier, wadda ta biyo baya bayan 'yan shekaru, ta zubar da fiye da kashi ɗaya cikin biyar na littafin, har da wurare da ke nuna ra'ayin Nemo kan siyasa da mulkin danniya. Ta kuma dagula lissafi. Inda Verne ya ce ƙarfen jirgin ya fi ruwa nauyi sau 7.8, fassarar ta mayar da shi tsakanin 0.7 da 0.8, wato ƙarfen da zai yi yawo a saman ruwa kamar ƙwarya. Kusan shekara ɗari ana sake buga wannan aiki, masu karatu da Ingilishi suna ɗaukar Verne marubucin yara wanda bai iya lissafi ba, alhali laifin ba nasa ba ne. Sai a shekarun 1960 da 1970 Walter James Miller ya zauna ya jera littattafan biyu ya nuna ɓarnar layi-layi. Abin da ke ba ni takaici shi ne har gobe wannan tsohuwar fassarar ce ke yawo a bugu masu araha, saboda haƙƙin mallakarta ya ƙare, kowa na iya bugawa ba tare da ya biya kowa ba.

Doka ta ɗan taka birki. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda ƙasashe suka ƙulla kan haƙƙin mallakar rubutu, ta ba marubuci iko a kan fassarar aikinsa, gyaran da aka yi mata a Roma a 1928 kuma ya ba shi damar ƙin amincewa da duk canjin da zai taɓa mutuncinsa. Amma takarda daban, aiki daban. Dogon ƙagaggen labarin Milan Kundera na farko, Žert, wanda ma'anarsa zolaya, ya fito a Prague a 1967. Da aka buga shi da Ingilishi a Landan a 1969, sai ya tarar an cire wani sashe, an kuma sauya jerin babuka, har ya rubuta wasiƙar ƙorafi a jarida. Na Faransanci ya fi muni ta wata fuska, domin shi ƙari aka yi masa. Kundera bai farga ba sai a 1979, da wani mai hira da shi ya tambaye shi dalilin da ya sa salonsa ya cika ado a wannan littafi. Ya koma ya duba, ya ga inda ya rubuta cewa sama shuɗiya ce an mayar da ita doguwar jimla mai furanni da tutoci. Sai a 1992 ya amince da wani bugun Ingilishi, na biyar ke nan.

Datsewa da ƙari, duk girman ɓarnarsu, ana iya kama su da ƙirgen shafi da babi. Wadda ta fi wuyar gani ita ce asarar da ke faruwa ko da mai fassara ya yi iyakar ƙoƙarinsa da zuciya ɗaya, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta.

A 1942 Albert Camus ya fitar da L'Étranger, wato Baƙo. Mai ba da labarin, Meursault, ya kashe wani Balarabe a bakin teku a Aljeriya, amma a kotu abin da aka fi riƙe shi da shi shi ne bai zubar da hawaye ba ranar jana'izar mahaifiyarsa. Saboda haka duk littafin ya rataya ne a kan tambaya guda: yaya zuciyar mutumin nan take game da tsohuwarsa? Jimlar farko ta ce yau ta mutu, kuma kalmar da ya kira ta da ita ita ce "maman", sunan da yaro ke kiran uwarsa da shi a cikin gida. Layi biyu a ƙasa, sai ga saƙon wayar tangarahu daga gidan tsofaffi, shi kuma ya yi amfani da "mère", kalmar takardun ofis, tare da kalmar mutuwa irin ta hukuma. Camus ya ajiye muryoyi biyu gefe da gefe, ta ɗa da ta ofis, don kunne ya ji tazarar da ke tsakaninsu.

Stuart Gilbert, wanda ya fara mayar da littafin Ingilishi a 1946, ya sa wa Meursault kalmar uwa ta manyan mutane, mai sanyi, irin wadda saƙon ofishin ma ya ɗauka. Tazarar ta rufe ke nan. Mai karatu ya haɗu da Meursault yana kiran mahaifiyarsa kamar baƙuwa, ya yanke masa hukunci tun kafin alƙali ya zauna. Fiye da shekara talatin wannan ce kaɗai ƙofar da masu Ingilishi ke shiga littafin ta ita. A 1988 Matthew Ward ya bar kalmar Faransancin yadda take, bisa hujjar cewa kowa zai gane ta, sai dai hakan ya sa Meursault ya zama ɗan wata ƙasa a kunnen mai karatu, alhali a kunnen Bafaranshe kalmar gida ce. Sandra Smith a 2012 ta zaɓi "mahaifiyata", ta nemi kusancin ta hanyar mallaka. Kowannensu ya ceci wani abu ya saki wani.

A gwada ta da Hausa, za a ga tarkon ya koma wani wuri. "Mama" ba ta da matsala, muna da ita, muna kuma da "mahaifiya" don saƙon ofis. Fi'ilin ne ke da ƙaya. Idan aka ce "Yau Mama ta mutu", an bi Faransancin sau da ƙafa, domin kalmar da Camus ya sa ita ce ta yau da kullum. Amma a kunnenmu ɗan da ya ce uwarsa ta mutu ya yi gatsali, kuma an ɗora wa Meursault rashin ladabin da marubucin bai ba shi ba a wannan layi. Idan kuma aka ce "ta rasu", an sa masa tausasawa da girmamawar da wataƙila sun fi ƙarfinsa, sannan an cinye kalmar da ya kamata a ajiye wa saƙon tangarahu. Ni dai da "rasu" zan tafi, in nemi sanyin ofis ta wata dabara, amma na san na biya kuɗi.

Akwai wani abu kuma a nahawun littafin. Faransanci na da siga biyu ta shuɗaɗɗen lokaci, ɗaya ta adabi da aka saba ba da labari da ita, ɗaya ta maganar baki. Camus ya ɗauki ta bakin, wadda ke sa kowace jimla ta tsaya ita kaɗai ba ta jawo ta gaba, kuma Jean-Paul Sartre ya yi magana a kan haka tun 1943. Ingilishi ba shi da madaidaicin wannan bambanci, don haka Gilbert ya riƙa ɗinke gajerun jimlolin yana ƙara musu bayani. A nan Hausa ta fi sa'a. "Suka zo, suka zauna, sai suka yi shiru" labari ne mai tafiya, kowane aiki na riƙe da hannun na gaba. "Sun zo. Sun zauna. Sun yi shiru" kuwa rahoto ne na wanda ke kallo bai haɗa komai da komai ba. Mai fassarar da ya bi al'adar ba da labari ya zuba "sai" da "suka" zai samar da Hausa mai daɗi, ya kuma kashe muryar Meursault ba tare da ya kuskure ma'anar kalma ko ɗaya ba.

To mai karatun da bai jin harshen asali, da me zai auna? Shafin da ke bayan sunan littafi, wanda yawancinmu ke tsallakewa, shi ne wurin farawa. Can ake ganin sunan mai fassara, da shekara, da harshen da aka ɗauko daga gare shi. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne: Solaris na Stanisław Lem ya fito da harshen Poland a 1961, amma bugun Ingilishi na 1970 daga fassarar Faransanci aka yi shi, kuma sai a 2011 aka sami wanda Bill Johnston ya ɗauko kai tsaye daga tushe. Bugun da bai ambaci mai fassara ba sam, sau da yawa tsohon aiki ne da aka tono don ba shi da mai shi.

Bayan haka, in littafin na da fassara biyu, a karanta shafi guda a kowacce. Inda suka yi daidai, a nan asalin ya fito fili. Inda suka rabu, a nan marubucin ya sa wani abu mai fuska biyu, kuma rabuwar tasu ta nuna wurin ko da ba ta warware shi ba. In fassara ɗaya ce tak, sai a saurari bakin mutanen cikin labarin. Bawa da sarki, yarinya da tsoho, mashayi da malami, in duk suna magana da harshe ɗaya mai santsi, da wuya a ce haka marubucin ya yi su. Irin wannan zargi ne mawaƙin Rasha Joseph Brodsky ya yi wa Constance Garnett, wadda ta mayar da littattafan Rasha wajen saba'in zuwa Ingilishi, cewa masu karatunta ba sa iya bambance Tolstoy da Dostoevsky domin muryarta suke ji a duka biyun. Duk da haka, ta hannunta ne masu Ingilishi suka fara karanta labarin 'yan'uwan Karamazov na Dostoevsky a 1912, kuma har yanzu akwai masu fifita ta a kan waɗanda suka zo don gyara ta.